Me ya sa Windows ke nuna RAM 4GB amma "3.4 GB usable"?

Gyaran kwamfuta nake yi a nan Legas, kuma wannan tambaya ce da 'yan uwa masu sayen tokunbo a Computer Village suka fi kawo min. Mutum zai duba Settings ya ga "4.00 GB (3.40 GB usable)", sai ya ɗauka ha'intarsa aka yi. Galibi ba haka ba ne.

Ƙananan kwamfutoci masu Intel HD Graphics ko AMD Radeon na cikin furosesa ba su da katin hoto mai ma'ajiyarsa ta daban. Sashen da ke zana hoto a allo daga RAM yake aro. Aron kuwa iri biyu ne. Na farko shi ne kason da BIOS ke yankewa tun kafin Windows ta tashi, wanda Windows ba ta isa ta taɓa ba. Na biyu shi ne wanda direban hoto ke arowa idan buƙata ta taso, ya mayar idan ya gama. A Windows 10 wannan aron yakan kai kusan rabin RAM ɗin gaba ɗaya.

Kason farko ne kaɗai ake canzawa a BIOS. A na'urorin Intel sunansa yakan zama "DVMT Pre-Allocated", a na AMD kuma "UMA Frame Buffer Size". Ana shiga BIOS da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, sai a duba ƙarƙashin "Advanced" ko "Chipset". Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka an ɓoye wannan zaɓi, don haka idan ba ka gani ba, ba laifinka ba ne.

Wata huɗu da suka wuce wani yaro mai shagon buga takardu ya kawo min tasa mai AMD da RAM 4GB, wato 4096MB. Wani ya ce masa idan ya ƙara wa hoto ma'ajiya, wasan ƙwallo zai yi gudu, shi kuwa ya kai ta 1GB. Lissafin a fili yake: cire 1024 daga 4096, saura 3072MB. Windows 10 ita kaɗai, ba a buɗe komai ba, takan cinye wajen 2GB. Abin da ya rage wa Chrome da Word bai wuce 1GB ba. Da RAM ta cika, sai Windows ta koma ajiye ragowar aiki a hadis, wanda ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa fitilar hadis ba ta mutuwa, kwastoma na tsaye, takarda ɗaya ta ƙi buɗewa. Wasan ma bai ƙara gudu ba.

Na mayar da shi 256MB, abin da ke hannun Windows ya koma kusan 3840MB, ban da ɗan abin da sauran kayan ciki ke riƙewa. Nawar nan ta ragu nan take.

Dalilin da ƙarin bai taimaka ba shi ne, RAM ɗin dai guda ce, saurinta ɗaya. Canza mata suna ba ya ƙara wa sashen hoto ƙarfi. Nuna allo kuwa ba ya cin wani abu: allo mai 1920 x 1080 kimanin 8MB yake buƙata don hoto guda. Idan aiki ya fi haka, direba zai aro da kansa.

Don ka duba taka, danna Ctrl + Shift + Esc, ka shiga "Performance", sannan "Memory". A ƙasa za ka ga "Hardware reserved". Idan ya kai 1GB a na'ura mai 4GB, ka leƙa BIOS. Amma fara tabbatar da cewa Windows ɗinka 64-bit ce, domin mai 32-bit ba ta iya amfani da 4GB cikakke ko da BIOS lafiya lau take.

Akwai inda ƙarin ke da amfani. Wasu tsofaffin wasanni da manhajoji suna duba "Dedicated Video Memory" kawai, su ƙi tashi idan sun ga 64MB. A nan za ka iya kai shi 512MB, amma na fi yarda da hakan ga mai RAM 8GB. Mai 4GB ya bar shi a "Auto", ko tsakanin 128MB da 256MB. Idan ka rikice a cikin BIOS, nemi "Load Setup Defaults", ka adana, ka fita.

In kuma saurin hoto kake nema da gaske, a duba ko akwai ramin RAM na biyu. Sanda biyu masu 4GB iri ɗaya sukan yi aiki a layi biyu, hanyar da bayanai ke bi ta faɗaɗa, kuma sashen hoto na cikin furosesa ya fi kowa cin moriyar hakan. Abin da na sa yaron nan ya yi ke nan da ya tara kuɗi.