Sauya sunan haja bayan ta kasa karɓuwa: yadda Ford Five Hundred ta koma Taurus

Sauya sunan haja shi ne kamfani ya laƙaba wa nau'i ɗaya daga cikin kayansa sabon suna, ya bar babban sunansa da tambarinsa yadda suke. Akan ɗauki wannan mataki idan haja ta shiga kasuwa da ƙafar hagu, domin a tsare aibin a kanta ita kaɗai, kada ya shafi sauran kayan kamfanin. Abin da kamfanin motoci na Ford ya yi a Amurka a shekarar 2007 misali ne da ke nuna amfanin dabarar da kuma iyakarta.

Asalin matsalar

A 2004 Ford ya fitar da wata babbar motar iyali mai suna Five Hundred, wadda ake haɗawa a masana'antarsa ta Chicago. A lokacin kamfanin na zaɓar wa motocinsa sunaye masu farawa da harafin F, irin su Fusion da Freestyle. An yaba wa motar saboda yalwar cikinta, amma an soki injinta mai lita 3.0 da ƙarfin doki 203, wanda ya yi wa nauyinta kaɗan, an kuma ce siffarta ba ta da armashi. An sayar da fiye da 100,000 a 2005, sai adadin ya sauko zuwa kimanin 84,000 a 2006.

A watan Oktoban 2006 kuma kamfanin ya daina ƙera Taurus, motar da ta fi kowace ƙaramar mota kasuwa a Amurka daga 1992 zuwa 1996. Ke nan ya jingine sunan da jama'a suka shafe shekara 20 suna ji, ya riƙe wanda bai zauna a bakinsu ba.

Matakin da aka ɗauka

Alan Mulally, wanda ya karɓi shugabancin Ford a watan Satumban 2006, shi ya matsa a dawo da tsohon sunan. A bikin baje kolin motoci na Chicago, cikin Fabrairun 2007, aka sanar cewa Five Hundred za ta koma Taurus daga samfurin 2008, Freestyle kuma ta zama Taurus X.

Abu biyu suka kare martabar kamfanin. Na farko, ba a sauya suna kawai aka bar motar yadda take ba. An sa mata injin lita 3.5 mai ƙarfin doki 263, aka kuma sake fasalin fuskarta, wato an amsa manyan ƙorafe-ƙorafen masu saye. Da fenti kawai aka sake, da jama'a sun ɗauki lamarin a matsayin yaudara, kuma zargin yaudara kan kamfani yake faɗawa, ba kan haja ba.

Na biyu, sauyin ya tsaya a ƙaramin suna. Tambarin Ford mai launin shuɗi bai motsa ba, haka nan sunayen Mustang da F-150 da Fusion. An yi sanarwar a bainar jama'a, kuma sunan da aka ɗauko mallakin kamfanin ne tun asali, don haka ba a buƙaci kashe maƙudan kuɗin talla wajen koya wa mutane baƙon suna ba.

Sakamako da iyakar dabarar

Sabon sunan bai farfaɗo da ciniki ba. A 2008 Taurus ɗin da aka sayar ba su kai 55,000 ba, ƙasa da abin da Five Hundred ta samu a 2006. Tsadar man fetur da karayar tattalin arziki ta wannan shekara sun taka rawa. Ban da haka, gangar jikin motar ba ta sauya ba, kuma shi kansa sunan Taurus ya rage daraja, domin a ƙarshen zamaninta kamfanonin hayar mota ne manyan masu sayenta. An daina ƙera Taurus X a 2009. Ciniki bai ɗaga ba sai da aka fitar da samfurin 2010, wanda aka sake wa siffa ciki da waje. An ci gaba da ƙera motar a Chicago har zuwa Maris na 2019.

Yadda ake gane ko suna ne matsalar

Kafin yanke hukunci, masana kasuwanci kan duba inda masu saye ke zamewa. Idan mutane ba su san hajar ba, ko suna rikita ta da wata, amma waɗanda suka gwada ta suna saye, to matsalar ta suna ce da talla. Idan kuwa sun san ta, sun gwada, sannan suka juya baya, aibin yana jikin hajar, kuma zai bi sabon sunan duk inda ya je. Five Hundred ta haɗa duka biyun.

Akwai kuma waɗanda suka riga suka saya da tsohon suna. Darajar kayansu kan faɗi a kasuwar na-hannu, don haka wajibi ne kamfani ya ci gaba da cika musu alƙawarin garanti da samar da kayan gyara, domin da sunan kamfanin suka yi ciniki tun farko.