Sauyin sauti mai bin ƙa'ida

sauyin sauti mai bin ƙa'ida *(suna, namiji, ilimin harshe)*. Juyewar wani sauti zuwa wani a tarihin harshe, ba a kalma ɗaya ba, a duk kalmar da sautin ya zo a muhalli iri guda.

Da shi masana ke gane harsunan da suka fito tsatso ɗaya. Sukan jera kalmomin yau da kullum na harsuna biyu, su duba ko sautin wannan na fuskantar sauti guda a wancan koyaushe.

*Misali:* Latin na da *pater*, *piscis*, *pes*, wato uba, kifi, ƙafa. Ingilishi na da *father*, *fish*, *foot*. Inda Latin ta riƙe *p* na asali, kakan Ingilishi ya mayar da shi *f*. Jacob Grimm ya tsara wannan ƙa'ida a 1822.

*Hattara:* kama da wane ba ta wane. Kalmar Ingilishi *paternal* tana da *p* domin aro ce daga baya, ba gado ba. Haka *littafi*: daga Larabci Hausa ta aro shi, don haka ba ya shaidar zumunta.