Zama uku: abin da ya ɓace daga binciken labaran sauya addini

Tun da na yi ritaya daga jami'a ɗalibai suke kawo mini tsarin bincikensu na digirin digirgir in duba. Na baya-bayan nan na wata yarinya ne, a kan Maguzawan ƙasar Malumfashi da suka musulunta a zamanin rangadin Sardauna, tsakanin 1963 da 1965. Tambayar yarinyar ita ce me ya sa suka musulunta, hanyarta kuwa hira da mutum sittin cikin wata uku. Abin ya ɓata mini rai, amma laifin na masu koya mata ne.

Malamin da ya rene mu ba ya yarda da wannan tambaya. Yakan ce duk wanda ka tambaya dalilin shigarsa addini, amsar da ya saba bayarwa a masallaci ko a coci zai ba ka, domin labarin ya riga ya goge da yawan faɗa. Mun sha muhawarar Robin Horton ta 1971 da martanin Humphrey Fisher na 1973, amma abin da ya fi jan hankalinmu aikin Murray Last ne, wanda ya zauna cikin Maguzawa kusa da Malumfashi, ya nuna yadda fatauci da dukiya suke da hannu a musuluntar mutum. Da wuya mai labari ya faɗa maka haka a zaman farko. Saboda haka tambayar da ta cancanci digiri ita ce: yaya mutum yake tsara labarin musuluntarsa, kuma me yake sauyawa idan mai sauraro ko lokaci ya sauya?

Hanyar da aka koya mana zama uku ce da kowane mutum. A na farko ka kunna rikoda ka yi shiru, ya kai labarinsa inda ya ga dama. A na biyu, bayan watanni, ba ka ambaton addini sam. Gandu za ka tambaya, da aure, da gado, da wanda ya daina cin abinci da wa. A na uku ka karanta masa abin da ya faɗa, ya gyara. Akwai wani dattijo da ya fara ce mini mafarki ya yi, gari na wayewa ya nufi liman. Da muka zauna a gonarsa da kaka, sai zancen ya faɗa kan cinikin gyaɗa, da yadda fatake Musulmi ba sa cin yankansa, ga kuma dangi da suke jiran ya ƙarar da ribarsa a giyar buki. Matarsa ta ƙara da cewa ita sai bayan shekaru ta bar dafa giya, domin da ita take samun kuɗin kanta. Ba ƙarya ya yi mini da farko ba, mafarkin gaskiya ne a wurinsa. Aikin mai bincike shi ne ya nuna yadda duka ukun suka zauna a rayuwa guda.

Wannan haƙuri gadonsa muka yi. Mary Smith ta yi ta zama da Baba ta Karo a 1949 da 1950 kafin littafin tarihin rayuwar Baba ya fito a 1954. Mu ma da hannu muke kwafe kaset, hirar awa ɗaya ta ci awa shida ko fiye, kuma a wajen kwafewar nan kake jin inda murya ta yi rauni, da inda aka tsallake shekaru. Alamar aikin gaggawa a bayyane take: mutum goma su ba ka labari ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Idan ka ga haka, wa'azin da suka ji ka naɗa.

Ga yadda na gyara mata jadawalin na shekara uku. Mutum ashirin sun isa, maza da mata, har da 'yan'uwansu da suka shiga Kiristanci da waɗanda suka tsaya kan al'adar iyaye. Wata shida na farko na neman izinin jami'a ne da gaisuwar hakimi da dagatai, tare da karatu a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Zaman farko ya zo da rani, lokacin da manomi yake da sukuni, kuma a fara da mafi tsufa, domin wanda ya mallaki hankalinsa a 1964 yau ya haura saba'in. Damina ta kwafe hira ce. Zama na biyu da kaka, na uku a rani mai zuwa, shekarar ƙarshe kuma ta rubutu. A sakaya sunaye da ƙauyuka, domin maganar barin addini tana iya raba gida har yau.

Malaman da ke duba irin wannan tsari, ku daina sa hannu a kan jadawalin da ba shi da komawa wurin mai labari. Hira ɗaya ba ta isa digiri ba.