Koyar da Jifar Dalma ga Masu Farawa a Makarantun Michika: Tsarin Fili da Matsayin Gwiwar Hannu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda malamin motsa jiki a ƙaramar sakandare zai koyar da jifar dalma ba tare da ya jefa ɗalibansa cikin haɗari ba, inda aji ke da yawa, kayan aiki kuma kaɗan. An dogara da dokokin Hukumar Wasannin Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya, da lissafin tafiyar abin da aka cilla sama, sannan aka gwada su a kan misalin aji mai ɗalibai 48. Maƙalar ta nuna cewa rauni mai tsanani yana fitowa ne daga yadda ake ɗauko dalma bayan ta faɗi, raunin gaɓoɓi kuma daga saukar gwiwar hannu, don haka tsarin fili da turi daga tsaye su ne ya kamata su cinye darussan farko.

Gabatarwa

Michika tana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, tsakanin Mubi da Madagali, kuma mafi yawan mazaunanta Kamwe ne. 'Yan Boko Haram sun mamaye garin a watan Satumba na 2014, sojoji suka ƙwato shi a farkon 2015, makarantu da dama kuma suka lalace a wannan tsakanin. Inda ake fama da gyaran azuzuwa da samar da kujeru, ba a sa ran a tarar da da'irar siminti ko dalma goma a ɗakin ajiya. Duk da haka jifar dalma tana cikin darasin motsa jiki na ƙaramar sakandare, tana kuma cikin gasar gidaje da makarantu ke yi kowace shekara. Malami zai koyar da ita ko da kaya ko babu, kuma tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce yadda zai yi hakan yara su koma gida lafiya.

Abin da lissafi ya nuna

Manyan maza suna amfani da dalma mai nauyin kilo 7.26, manyan mata kilo 4. Ga 'yan ƙasa da shekara 18, doka ta sa kilo 5 ga maza da kilo 3 ga mata. Ɗan aji ɗaya ko biyu na ƙaramar sakandare bai kai ko wannan matakin ba, saboda haka kilo 2 zuwa 3 ya ishe shi. Miƙa masa ta manya don ita kaɗai ke makaranta kuskure ne, domin yatsunsa da wuyan hannunsa ne za su ɗauki nauyin da ƙafafunsa ba su iya turawa ba tukuna.

A ɗauki yarinya da ta saki dalmar kilo 3 daga tsayin mita 1.7, da saurin mita 7 a daƙiƙa, a kusurwar digiri 40. Dalmar za ta yi kamar daƙiƙa 1.2 a sama, ta sauka a nisan mita 6.5 ko kusa da haka, da saurin kusan mita 9 a daƙiƙa. Ƙarfin saukarta daidai yake da na ƙarfe mai kilo 3 da ya faɗo daga tsayin mita 4, wato daga saman rufin aji. Wannan jifar mai farawa ce, wadda ba za ta ci ko gasar gidaje ba, amma tana iya fasa ƙoƙon kai. Daƙiƙa 1.2 kuma ba ta isa yaron da ya duƙa yana ɗaukar wata dalma, ya ba masu jifa baya, ya ji ihu ya waiga ya kauce ba. Wannan ne ya sa tsawa da gargaɗi bayan an saki dalma ba su da wani amfani. Kariyar dole ta zo kafin sakin.

Lissafin ya nuna wani abu na biyu. In yarinyar ta rage kusurwar zuwa digiri 35, nisan kusan bai canja ba, in ta rage zuwa 30 ta yi asarar abin da bai kai santimita 15 ba. Amma in saurin ya tashi daga mita 7 zuwa 8 a daƙiƙa, dalmar za ta kai mita 8. Ke nan malamin da ke ɓata lokaci yana neman digiri 45 daga ɗalibai yana bin abin da ba shi da riba, har ma yana iya sa yaro ya gantsare baya fiye da kima ya ji ciwo a ƙugu. Sauri ne ke kawo nisa, shi kuwa daga ƙafafu da juyin kwatangwalo yake fitowa.

Tsarin fili: misalin aji mai ɗalibai 48

A gasa, da'irar jifa tana da faɗin mita 2.135, da katako mai tsayin santimita 10 a gabanta, filin faɗuwa kuma yana buɗewa da digiri 34.92. Shata wannan kusurwa ba ta buƙatar wata na'ura. A ja igiya biyu masu tsawon mita 10 daga tsakiyar da'ira, a ware bakinsu har tazarar ta zama mita 6, a zuba toka ko farar ƙasa a kan layukan. Wannan na ranar awo ne. A ranar koyo, da'ira guda ita ce babbar matsala.

A ce akwai ɗalibai 48, dalma 4, darasi na minti 40. In aka cire minti 8 na ɗumama jiki, 5 na nuni, 2 na ƙirga kaya da mayar da su, saura minti 25. Da da'ira guda, inda kowace jifa da ɗaukowa ke cin minti ɗaya, jifa 25 kawai za a yi, kusan rabin aji bai taɓa dalma ba. Su ne kuma waɗanda za su gaji da jira, su matso gefen fili don kallo, wani ya ɗauki dalmar da ke ajiye ya gwada a bayan malam.

Maimakon haka, a ja layi ɗaya miƙaƙƙe, a sa gurbi huɗu a kansa, kowane da tazarar mita 4 daga na kusa da shi. An zaɓi mita 4 ne saboda faɗin filin faɗuwa a nisan mita 6.5 ya kusa haka, don haka jifar da ta ɗan karkace ba ta ratsa ta maƙwabci ba. Kowane gurbi yana da mutum 12, suna zaune a bayan wani layi, mita 5 daga masu jifa. Zama ya fi tsayuwa, domin wanda ya miƙe ba da izini ba nan take malam zai gan shi. Duka huɗun suna jifa zuwa gefe guda. Bahago a sa shi a gurbin ƙarshe na hagu, tunda dalmar da ta suɓuce masa hagu take nufa. Malam yana tsayawa a baya, a gefe, inda idonsa ke kan masu jifa da masu jira gaba ɗaya.

Umarni uku ne kawai. Da "shirya" kowa ya ɗora dalma a wuya. Da busa usur ɗaya a tura. Sai duka huɗun sun faɗi sun daina gangarawa malam zai ce "ɗauko", masu jifar su tafi da tafiya, su riƙo dalma da hannu biyu, su ajiye ta a ƙasa a gurbinta. Ba a cillo ta baya, ba a gangaro ta, ba a kuma miƙa ta hannu da hannu, domin a wajen miƙawa ne take faɗo wa mutum a yatsun ƙafa, balle ga yaran da ke sanye da silifa. Zagaye ɗaya yana cin kamar daƙiƙa 40, wato zagaye 36 ko 37 a minti 25, kowane ɗalibi ya samu jifa uku. Uku ba su da yawa, amma kowa ya samu, kuma babu lokacin da mutum yake gaba alhali dalma tana hannun wani.

Yanayin ƙasar Michika yana ƙara wani sharaɗi. Da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri, filin da ke kusa da dutse kuma yakan zama da gangare da tsakuwa. Dalmar da ta sauka a irin wannan wuri tana ci gaba da gangarawa, wani lokaci ta bugi dutse ta canja hanya. Ya kamata a fuskantar da jifa zuwa ɓangaren da ƙasa ke hawa, nesa da hanyar da ɗalibai ko awaki ke ratsawa, a bar fili aƙalla ninki biyu na nisan da ake tsammani. Da damina kuwa, laka a jikin dalma ce ke sa ta zame, sai a ajiye tsumma a kowane gurbi. Duwatsu suna ko'ina a yankin, kuma malami kan so ya cike gibi da su. Ban goyi bayan hakan ba, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne, ba sa zama daidai a yatsu, gefensu kuma yana yankar wuya. Ƙullin yashi mai kilo 2 da aka ɗinke cikin yadi mai kauri ya fi, ba ya ma gangarawa.

Gwiwar hannu da turi daga tsaye

Dalma tana zama a gindin yatsu uku na tsakiya, babban yatsa da ƙaramin suna tallafa mata ta gefe, ba ta taɓa tsakiyar tafi. A manna ta a wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, gwiwar hannu a ɗage a bayanta, kusan daidai da kafaɗa. Doka ta hana dalma sauka daga wannan matsayi ko komawa bayan layin kafaɗu, kuma dalilin lafiya ya yi daidai da na doka. Yaron da ya saba jifar tsuntsaye a gona zai so ya ja hannu baya ya wurga. Da ƙaramin dutse babu laifi, amma da kilo 3 nauyin yana murɗa kafaɗa yana kuma jan jijiyoyin cikin gwiwar hannu.

Malam yana iya gane wannan kuskure daga nesa. Za a ga haske tsakanin dalma da wuya kafin ƙafafu su motsa, gwiwar hannu ta nuna ƙasa ko ta riga dalma wucewa gaba, bayan saki kuma yaron ya riƙe gwiwarsa ko ya yarfe yatsu. In turi ya yi daidai, hannu yana miƙewa gaba da sama, babban yatsa yana kallon ƙasa, sauran yatsu suna kallon waje. Wanda ya yi kukan zafi a cikin gwiwar hannu a dakatar da shi a ranar, a rage masa nauyi a darasi na gaba.

Matakan koyarwa su tafi a hankali. Da farko turi da hannu biyu daga ƙirji da ƙullin yashi. Sai turi da hannu ɗaya ana fuskantar fili, ƙafafu a jere. Daga nan a juya gefe: mai jifa da hannun dama ya sa ƙafar dama a baya, ya lanƙwasa gwiwarta har haɓa da gwiwa da yatsun ƙafa su zo kan layi ɗaya, ya juya dunduniya da kwatangwalo zuwa gaba, ƙafar hagu ta kafe, hannu ya zo a ƙarshe. Darasi uku ko huɗu kan wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin a nan mafi yawan nisan jifa yake.

Salon zamewa da baya da Parry O'Brien ya fito da shi a farkon shekarun 1950, da salon juyi wanda Aleksandr Baryshnikov ya kai mita 22.00 da shi a 1976, su ne ɗalibai ke gani a waya. Da juyi Ryan Crouser ya kafa bajintar duniya ta mita 23.56 a 2023, da shi kuma Chukwuebuka Enekwechi yake wakiltar Nijeriya. Amma juyi yana buƙatar siminti mai santsi daidai, kuma mai koyo yana iya sakin dalma ta kowace fuska, abin da ke rusa tsarin gurbi huɗu gaba ɗaya. Zamewa ma a kan tsakuwa tana gurɗe idon sawu. A jere na gurbi huɗu, abin da za a iya ƙarawa bayan turi daga tsaye shi ne taku ɗaya ta gefe. Cikakkiyar zamewa a bar ta ga 'yan kaɗan da aka zaɓa don gasar gidaje, su yi ta ɗaya bayan ɗaya a da'irar da aka share aka daddaɓe, malam yana tsaye, sauran ɗalibai kuma suna zaune a baya.