Gano cikas tsakanin CPU da GPU a wasan kwamfuta

Gano cikas hanya ce ta auna wasan da hotonsa ke sarƙewa, domin a san ko CPU ne ke jawo jinkirin ko GPU. CPU ke lissafin wasa, GPU kuma ya zana hoton. Wasa mai firam 60 a daƙiƙa yana da milisakan 16.7 kacal ga kowane firam, kuma wanda ya fi nawa a cikinsu shi ake jira.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a kashe V-Sync, a rage girman hoto daga 1920x1080 zuwa 1280x720, wanda ke rage ɗigogin da GPU zai zana da fiye da rabi. Idan wasan ya ƙara sauri, GPU ne cikas. Idan bai canza ba, akasari CPU ne.

A Unreal Engine, umarnin `stat unit` yana nuna lokutan daban-daban. Misali, idan Frame ya nuna 25, Game 24, GPU kuma 11, wasan yana firam 40 ne, kuma sayen sabon GPU asarar kuɗi ce.

Jimillar aikin CPU a Task Manager tana yaudara: a CPU mai zare 8, zare ɗaya zai iya cika maƙil, a ga kusan kashi 13 cikin ɗari kawai.