Wake da Hatsi a Matsayin Ginshiƙin Gina Tsoka: Nazari kan Abincin Ɗan Wasa Mai Ƙaramin Ƙarfi

Ya zama al'ada a wuraren ɗaga ƙarfe da filayen dambe a riƙa gaya wa samari cewa tsoka ba ta ginuwa sai da garin gwangwani na ƙasashen waje, ko da nama kullum, alhali kuwa masu wannan da'awa ba su taɓa kawo hujjar da hankali zai natsu da ita ba. Morton da abokan aikinsa, da suka tattara bincike 49 a shekarar 2018, sun nuna cewa fa'idar furotin ga mai horon ƙarfi tana tuƙewa ne a wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, kuma wannan haddi ne na adadi, wanda cimar kasuwa take iya cikawa.

Hanyar da muka bi lissafi ce, bisa jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma, muka ƙaddara saurayi mai kilo 65, wanda bukatarsa ta kama giram 104.

Ga abin da ya bayyana. Ɗanyen wake giram 150 yana ba da furotin wajen giram 35, gero ko dawa giram 300, a tuwo da fura, wajen 30. Idan aka ƙara ƙwai biyu, da gyaɗa giram 50, da rabin litar nono, jimla ta kai kimanin 105 ba tare da tsokar nama ko guda ba. Abin lura shi ne kusan kashi biyu cikin uku sun fito daga wake da hatsi, kuma hikimar haɗa su a fili take, domin furotin ɗin hatsi ya gaza a sinadarin laisin, wanda wake yake da shi a wadace, shi kuma wake ya gaza a metiyonin, wanda hatsi yake cike masa giɓinsa. Saboda haka garau-garau, da ƙosai da koko, da ɗanwake, kowannensu cima ce kammalalliya wadda iyayenmu suka gano tun kafin a san hikimarta da sababinta. Sharaɗi dai a raba wannan adadi kashi uku ko huɗu a yini, a kuma sa fura da nono bayan horo, tun da a ƙwarya guda akwai sitacin mayar da kuzari, da furotin, da ruwan da gumi ya kwashe.

Ba mu musun cewa lissafin takarda ne, ba gwaji a jikin 'yan wasa ba, kuma jiki ba ya cin moriyar furotin ɗin tsiro kamar na ƙwai, don haka ƙarin awara ko ƙuliƙuli mustahabbi ne. Nonon da aka tsinka da ruwa yana rage lissafin, gyaɗar da ta yi funfuna kuwa wajibi ne a zubar da ita, saboda dafinta yana cutar da hanta.