Karyewar Ishara Tsakanin Sassan Doka da Hanyar Tantance Ta: Nazari a kan Dokar Zaɓe ta 2022

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ishara ke karyewa a cikin daftarin doka idan aka gusar da wani sashe ko aka soke shi, sannan ta gabatar da hanyar bin kowace ishara har inda ta nufa. Abin da ake nufi da ishara a nan shi ne wurin da wani sashe ya ambaci wani da lambarsa domin ya jingina hukuncinsa a kansa.

Asalin Matsalar

A shekarar 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ke Abuja ƙudirin gyaran Dokar Zaɓe fiye da sau ɗaya, kuma kurakuran ishara na cikin dalilan da aka bayar. A watan Janairun 2022 ƙungiyoyin farar hula, ciki har da Yiaga Africa, sun sake nuna irin waɗannan kurakurai a ƙudirin da ya biyo baya, wanda aka rattaba wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022.

Ana gane tushen abin idan aka jera Dokar Zaɓe ta 2010 da ta 2022. Dokar 2010 tana da sassa 158, ta 2022 kuwa 153, amma gibin bai tafi bai ɗaya ba: sashe na 31, mai magana a kan miƙa sunayen 'yan takara, ya koma na 29, na 87, mai tsara zaɓen fid da gwani, ya koma na 84, na 138, mai ɗauke da dalilan shigar da ƙarar zaɓe, ya koma na 134. Saboda haka duk wanda ya ɗebe adadi guda daga kowace lamba da sunan gyara, ya ƙara ɓarna ne.

Ishara mai nuni ga sashen da babu shi sam ba ta da wuyar kamawa. Wadda ta fi haɗari ita ce mai sauka a kan sashen da yake nan amma yana maganar wani abu daban, domin jimlar tana karantuwa lami lafiya, ido kuma ba ya tsayawa a kanta. Lokacin da Babbar Kotun Tarayya da ke Umuahia ta umarci a soke sashe na 84(12) a watan Maris 2022, hukuncin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe daga baya, da an soke shi an kuma sake jera lambobi, da 84(14), wanda ya ba ɗan takarar da ke da ƙorafi damar zuwa kotu, ya zama 84(13), duk takardar da ta ambaci tsohuwar lamba kuma ta ɓata hanya.

Hanyar Tantancewa

Aikin yana farawa da jadawali mai nuna tsohuwar lambar kowane sashe, da sabuwar lambarsa, da abin da ya ƙunsa a taƙaice, a kuma rubuta "an soke" inda ya dace. Daga nan sai a zaƙulo isharorin duka. Da yake da Ingilishi ake rubuta dokokin tarayya, a manhajar Word ana kunna `Use wildcards` a nemi:

```
[Ss]ection[s ]@[0-9\(]
```

Haka za a maimaita da `paragraph`, sai a nemi `Schedule` da `Form` su kaɗai. Wannan nema ba ya kama lamba ta biyu a inda aka jero sassa da yawa, ba ya kuma kama ishara marar lamba irin ta "ƙaramin sashen da ya gabata", don haka waɗannan sai da karatu.

Kowace ishara da aka samu za a ba ta layi nata, a yi mata tambaya biyu: shin sashen da ta ambata yana nan, kuma shin abin da ke cikinsa shi ne abin da jimlar ke bukata? Ta biyun ce ainihin aikin, kuma ya fi kyau mutum biyu su yi shi, ɗaya yana karanta jimlar, ɗayan yana buɗe sashen yana faɗin abin da ya tarar. Saƙon `Error! Reference source not found.` da Word ke fitarwa bayan `Ctrl+A` da `F9` ba ya wadatarwa, domin ishara da manhajar ta ɗaura da kanta kawai yake shafa, lambar da aka buga da hannu kuwa ba ruwansa da ita.

Inda doka ta riga ta fara aiki, gara a bar lambobinta yadda suke. Haka aka yi da aka shigar da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 a matsayin sassa na 254A zuwa 254F, inda sashe na 255 da duk na bayansa suka zauna a wurarensu.